Kwafin Ajiyar Da Ba A Gwada Ba

A daren 31 ga Janairu 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab yana fama da gyaran rumbun bayanai. GitLab wuri ne da masu rubuta manhaja daga ƙasashe daban-daban suke ajiye aikinsu. Kamfanin yana da saba biyu na rumbun bayanai, wato babba wadda jama'a suke aiki a kanta, da ƙaramar da take bin sawunta tana kwafa. Ƙaramar ce ta sami matsala, injiniyan ya yi niyyar share ta domin a sake cika ta daga farko. Ashe tagar da yake rubutu a ciki ta babbar ce. Kafin ya farga ya tsayar da umarnin, bayanai kusan gigabait 300 sun tafi, abin da ya rage bai kai gigabait 5 ba.

Kuskure irin wannan yana faruwa, kuma saboda shi ne ake ajiye kwafi. Abin da ya sa har yau masu wannan sana'a suke tuna daren shi ne abin da aka tarar da aka je ɗauko kwafin. Wurin da ake zaton ana zuba kwafin kowace rana wayam yake, babu komai a ciki. Manhajar da ke ɗaukar kwafin, mai suna `pg_dump`, tsohuwa ce ta zubi na 9.2, alhali rumbun da aka sa ta kwafa PostgreSQL ne zubi na 9.6, saboda haka duk ranar da ta tashi aiki sai ta ƙi. Ta kan aika imel ta ce ta gaza, amma imel ɗin ba ya isa ga kowa, domin na'urar karɓar wasiƙu tana mayar da shi. Abin da ya ceci kamfanin wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin haɗarin, don wata buƙata ta gwaji dabam. Da shi aka maido da rumbun, aikin ya ci kusan awa 18, kuma abin da jama'a suka shigar cikin waɗannan awanni shida ya salwanta: ayyuka kusan 5,000, sharhi kusan 5,000 da sabbin asusun mutane kusan 700. A rahoton da kamfanin ya wallafa daga baya, ya amsa cewa ba a gwada maido da kwafin a kai a kai, saboda babu wani takamaiman mutum da aka ɗora wa wannan nauyi.

Ba sai babban kamfani ba. Makarantar kuɗi mai ɗalibai dubu, asibitin unguwa, kantin magani mai rassa uku, ƙungiyar adashi da ta koma kwamfuta, duk suna da rumbun bayanai yanzu, kuma da yawansu akwai wani matashi da ya taɓa saita musu ɗaukar kwafi kowane dare ya tafi. Idan ka tambayi mai makarantar ko yana da kwafin ajiya, zai ce maka yana da shi, har ya nuna maka jerin fayiloli masu kwanan wata. Abin da jerin nan yake shaidawa shi ne an rubuta wani fayil. Ko fayil ɗin zai iya komawa ya zama rumbun bayanai mai aiki, wannan tambaya ce dabam, kuma hanya ɗaya ce ta amsa ta: a ɗauki fayil ɗin, a kai shi wata na'ura, a maido da shi, a ƙirga abin da ya fito.

Mene ne ake ƙirgawa

Rumbun bayanai tarin jadawali ne. Kowane jadawali yana riƙe da abu iri ɗaya, kuma kowane layi a cikinsa abu guda ne. A rumbun makaranta za a sami jadawalin ɗalibai, inda kowane ɗalibi yake da layinsa, da jadawalin biyan kuɗi, inda kowane rasit yake da layinsa, da na sakamakon jarrabawa, da na malamai. Idan jadawalin ɗalibai yana da layi 1,240 a rumbun asali, to kwafin da aka maido ma dole ya ba da 1,240. In ya ba da 1,239 akwai magana, in ya ba da sifili akwai babbar magana.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ana sauke masa kaya a kasuwar Dawanau ya san wannan aiki. Takardar kaya ta ce buhu 300 aka ɗora, sai ka tsaya a gindin mota kana ƙirga ana saukewa. Ƙirgar za ta kama buhun da ya ɓace a hanya, amma ba za ta kama buhun da aka cika da tsakuwa ba, sai ka sa an farke wasu ka duba. Ƙirgar layuka ma haka take, tana da abin da take kamawa da abin da yake wuce ta, kuma za mu zo kan duka biyun.

Me ya sa sai a wata saba

Mutane sukan yi ƙorafin kuɗi a nan, su ce me zai hana a maido da kwafin a kan sabar da ake da ita, a ba shi wani suna kawai. Dalili na farko shi ne haɗari. Umarnin maidowa yana da zaɓin da ke share abin da ya tarar kafin ya zuba nasa. Idan hannu ya kuskure sunan rumbu, kwafin daren jiya zai hau kan aikin yau ya danne shi, wato gwajin da aka yi don kauce wa asara shi ne zai jawo ta. Ko ba a yi kuskure ba, maido da babban rumbu yana cin faifai da ƙwaƙwalwar na'ura, sai a ga mai karɓar kuɗi a ofis yana ta jiran shafi ya buɗe.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Ranar da za a buƙaci kwafin da gaske, galibi sabar asali ba ta nan: ta ƙone, ko an sace ta, ko ɓarayin intanet sun kulle ta suna neman kuɗin fansa. Tsohuwar saba kuwa tana ɗauke da abubuwa da yawa da kwafin yake dogara da su ba tare da kowa ya lura ba. Akwai sunayen masu izinin shiga rumbun, akwai ƙananan manhajojin da aka ƙara masa shekarun baya aka manta, akwai makullin sirri da aka rufe fayil ɗin da shi. In aka maido a gida ɗaya, duk waɗannan suna nan, gwajin zai wuce lafiya, a yi zaton komai daidai ne. Sabuwar na'ura wadda babu komai a kanta ita ce take tona abin da aka manta ba a ajiye ba. Misali sananne: `pg_dump` ba ya kwafar sunayen masu izini, domin waɗannan ba na rumbu ɗaya ba ne, na sabar ne gaba ɗaya. Ana ɗaukar su ne da wani umarni dabam, `pg_dumpall --globals-only`. Mutane da dama ba su san haka ba sai ranar da suka gwada a sabuwar na'ura.

Ita wannan saba ta gwaji ba sai an sayi mai tsada ba. Tsohuwar kwamfutar ofis ta isa idan rumbun ƙarami ne, ko a yi hayar saba a intanet na 'yan awanni a mayar. Sharaɗin shi ne faifanta ya fi girman rumbun, ba girman fayil ɗin kwafi ba, domin kwafi a matse yake, in an warware shi yakan ninka sau da yawa. Sannan zubin manhajar rumbun da ke kanta ya zama daidai da na asali ko ya fi shi sabunta. Haka nan a ɗauko fayil ɗin daga inda ake ajiye shi na dindindin, wato faifan da ke cikin sif ko ma'ajiyar intanet, kada a ɗauki wanda yake kan sabar asali. Hanyar ɗaukowar ma tana cikin abin da ake gwadawa. In kalmar sirrin ma'ajiyar tana hannun mutum ɗaya ne da ya bar aiki bara, gara a gano haka ranar gwaji.

Mu bi aikin da misali

A ɗauka wata makaranta tana amfani da PostgreSQL, sunan rumbunta `makaranta`, kuma kowane dare ƙarfe biyu wannan umarni yana tashi da kansa:

```
pg_dump -Fc -d makaranta -f ajiya.dump
```

Safiyar Talata aka kai fayil ɗin sabar gwaji. Ana buɗe sabon rumbu wayam, a zuba kwafin a ciki:

```
createdb gwaji
pg_restore --exit-on-error --no-owner --no-privileges -d gwaji ajiya.dump
```

Wannan `--exit-on-error` ba ado ba ne. In babu shi, `pg_restore` yana cin karo da matsala ya tsallake ta ya ci gaba, sai a can ƙarshe ya rubuta layi ɗaya mai cewa `errors ignored on restore` da adadinsu. Mai sauri ba zai ga layin ba, zai dai ga aiki ya ƙare. Su kuma `--no-owner` da `--no-privileges` suna hana shi neman sunayen masu izinin tsohuwar saba. Suna sauƙaƙa gwajin ƙirga, amma lokaci zuwa lokaci ya kamata a yi gwajin babu su, tare da fayil ɗin masu izini, don a tabbatar shi ma yana tashi. Kuma a duba agogo kafin a fara da bayan an gama.

Kafin ƙirgar layuka sai a fara ƙirga jadawalin kansu. Umarnin `\dt` a cikin `psql` yana jero su. A yi shi a saba biyun, a ajiye jerin kusa da juna. Wannan mataki ana yawan tsallake shi, alhali a nan ake kama wata ɓaraka mai shiru: wanda ya saita kwafin shekara uku da suka wuce ya lissafa jadawali takwas da sunayensu, daga baya aka ƙara wa manhajar makarantar sashen kuɗin motar ɗalibai mai jadawalinsa, ba wanda ya koma ya ƙara shi a lissafin. Jadawali takwas ɗin duka za su ba da ƙirga daidai, na taran kuwa ba ya cikin kwafin ko na rana ɗaya. Saboda haka jerin abin da za a ƙirga a ɗauko shi daga rumbun asali, ba daga kwafi ba.

Daga nan sai ƙirgar kanta, jadawali bayan jadawali:

```
SELECT count(*) FROM dalibai;
SELECT count(*) FROM biyan_kudi;
SELECT count(*) FROM sakamako;
```

A ce rumbun asali ya ba da ɗalibai 1,240, kwafi ma ya ba da 1,240. Sakamakon jarrabawa 96,410 a nan, 96,410 a can. Sai aka zo biyan kuɗi, asali ya ce 18,671, kwafi ya ce 18,652. Layi 19 sun yi ɓatan dabo.

A nan ne gwajin yake da ɗan sarƙaƙiya, kuma a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Kwafin na ƙarfe biyun dare ne, ƙirgar asali kuwa an yi ta ƙarfe goma na safe, bayan iyaye sun riga sun zo ofishin kuɗi. Mai yiwuwa layukan nan 19 rasit ne na safiyar nan, babu abin da ya ɓace. Mai yiwuwa kuma rasit 12 ne na safiyar, 7 kuma kwafin ne ya zubar. Ƙirga biyun nan ba za su iya bambance maka ba. Wanda ya saba cewa ai bambancin kaɗan ne, aikin safe ne, ya mayar da gwajin al'ada kawai, domin ranar da ɓarna ta gaske ta zo ma haka zai ce. Ni dai ra'ayina shi ne ko dai lambobin su zo daidai ƙwal, ko a iya nuna kowane layi na bambancin da yatsa a ce ga inda ya fito.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sa iyaka. Yawancin jadawali suna ba kowane layi lamba mai hauhawa. A duba lamba mafi girma a cikin kwafi, a ce 18,790 ce. Kada yawanta ya ba da mamaki, lambobin sukan yi tsallake idan an soke rasit ko an fasa shigar da shi. Sai a koma asali a ƙirga waɗanda ba su wuce ta ba:

```
SELECT count(*) FROM biyan_kudi WHERE id <= 18790;
```

Idan amsar ta zo 18,652, to layukan 19 na safiya ne, magana ta ƙare. Wannan dabara tana da rauni biyu. In an goge wani tsohon layi a asali bayan ɗaukar kwafi, asali zai gaza kwafi, sai an bi an gano wanda aka goge. Kuma in ƙarshen jadawalin ne ya yanke a cikin kwafi, lamba mafi girmar da aka gani ita ma ta yanke, ƙirgar za ta zo daidai alhali akwai asara. Don haka a haɗa da duba kwanan watan layi na ƙarshe a kwafin: in kwafin daren Litinin ne amma rasit na ƙarshe a cikinsa na Alhamis ɗin da ta wuce ne, kuma an san an karɓi kuɗi Juma'a da Litinin, to da sake.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a ƙirga a daidai lokacin da ake ɗaukar kwafin, a rubuta lambobin a ƙaramin fayil, a ajiye shi tare da kwafin. A makarantar da babu mai aiki ƙarfe biyun dare, ƙirga kafin a fara kwafi ta wadatar. Amma asibiti ko shagon intanet ba sa barci, ana iya shigar da layi tsakanin ƙirga da kwafi. PostgreSQL yana da maganin wannan. Shi `pg_dump` da ma ba ya kwafar rumbu yana motsi, yana tsayar da hoton rumbun ne na daƙiƙar da ya fara, ya yi ta kwafa daga wannan hoton ko da aikin zai kai awa. Ana iya sa mai ƙirga da mai kwafi su kalli hoto ɗaya:

```
BEGIN ISOLATION LEVEL REPEATABLE READ;
SELECT pg_export_snapshot();
SELECT count(*) FROM biyan_kudi;
```

Layi na biyu yana ba da wata lambar shaida. Ana barin wannan taga a buɗe, a miƙa lambar ga `pg_dump` ta hanyar zaɓin `--snapshot`. Da haka ƙirga da kwafi sun fito daga daƙiƙa ɗaya, kuma duk bambancin da aka gani a sabar gwaji, ko na layi ɗaya ne, laifi ne na gaske. Masu amfani da MySQL su kula cewa `mysqldump` yana samar da irin wannan tsayayyen hoto ne idan an ba shi `--single-transaction`, kuma hakan yana aiki ne ga jadawali nau'in InnoDB, ba ya aiki ga tsohon nau'in MyISAM.

Akwai wani tarko da yake kama masu neman sauƙi. Ƙirga da `count(*)` tana ɗaukar lokaci a jadawali mai miliyoyin layuka, domin sai an bi su duka. Rumbun kuma yana ajiye wata lamba a shirye, wadda shafukan kula da rumbu suke nunawa kusa da sunan kowane jadawali. Wannan lamba ƙiyasi ce. A PostgreSQL sunanta `reltuples` ko `n_live_tup`, a MySQL kuma `TABLE_ROWS`, kuma littafin jagorar MySQL da kansa ya ce a jadawalin InnoDB tana iya kauce wa gaskiya da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Wanda ya kwatanta ƙiyasi da ƙiyasi zai ga bambanci inda babu, ko ya ga daidai inda akwai asara. A yi haƙuri a jira ƙirga ta gaskiya.

Yadda ɓarna take bayyana

Irin bambancin da aka gani yakan nuna inda matsalar take. Idan jadawali ɗaya ya ba da sifili sauran suna daidai, galibi wurin zubawa ne aka sami cikas. PostgreSQL yana zuba layukan jadawali a dunƙule ne, in layi ɗaya ya ƙi shiga, duka jadawalin ya koma wayam. Idan kuma jadawalin farko-farko sun cika, na ƙarshe-ƙarshe babu komai, to fayil ɗin ne ya yanke a tsakiya: faifai ya cika lokacin ɗaukar kwafi, ko wuta ta ɗauke, ko intanet ya katse ana cikin aika shi. Idan duk lambobin sun yi daidai da na gwajin watan jiya, babu ƙari ko ɗaya a makarantar da ke karɓar kuɗi kullum, to tsohon fayil ɗaya ake ta juyawa, aikin dare ya daɗe da tsayawa.

Akwai kuma fayil ɗin da babu komai a ciki tun asali. Mutane da yawa suna rubuta umarnin kwafi haɗe da na matsewa, `pg_dump` ya miƙa wa `gzip`. In `pg_dump` ya gaza, `gzip` zai matse babu ɗin da aka ba shi, ya fitar da fayil mai suna da kwanan wata daidai, mai girman bait 20 kacal, ya kuma ba da rahoton nasara, domin a irin wannan haɗi sakamakon umarni na ƙarshe ake dubawa sai in an sa `set -o pipefail`. Jerin fayiloli zai yi kyau a ido wata da watanni. Duban girman fayil kaɗai ya isa ya kama wannan, amma gani ya kori ji: in an maido aka ƙirga, babu inda zai ɓuya.

Abin da ƙirga ba ta gani

Lambobi sun zo daidai ba ya nufin abin da ke cikin layukan yana nan lafiya. Misalin da ya shafe mu kai tsaye shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Tsohon tsarin haruffa mai suna `latin1` bai san ɓ, ɗ da ƙ ba. A MySQL, in aka ɗauki kwafi ta wannan tsari daga rumbun da ke kan `utf8mb4`, duk harafin da bai sani ba sai ya mayar da shi alamar tambaya. Ɗalibai 1,240 suna nan cif, amma Ɗanladi ya koma ?anladi, sunayen da aka rubuta da Larabci kuwa sun koma jerin alamomin tambaya, kuma ba a iya gyara su daga wannan fayil. Ƙirga ba za ta ce komai ba. Saboda haka bayan ƙirga a buɗe layuka kaɗan a karanta da ido, a zaɓi masu irin waɗannan haruffa da gangan.

A jadawalin kuɗi kuma, tambaya ɗaya tana iya ɗauko abu uku a tare:

```
SELECT count(*), sum(adadi), max(rana) FROM biyan_kudi;
```

Wato yawan rasit, jimillar kuɗinsu, da ranar na ƙarshe. In ukun nan sun dace a saba biyu, an sami natsuwa fiye da ta ƙirga kaɗai nesa ba kusa ba, kuma akawun makaranta zai iya duba jimillar da littafinsa ba tare da ya san komai game da kwamfuta ba.

Ƙirga ba ta ganin abin da ke wajen rumbu. Hotunan ɗalibai da takardun da aka ɗora galibi fayiloli ne a wani wuri a kan faifai, rumbun yana riƙe da adireshinsu ne kawai. Layukan za su cika, amma in ba a kwafi hotunan dabam ba, adireshin zai nuna inda babu kowa. Hanyar kama wannan ita ce a kunna manhajar makarantar a kan sabar gwaji, a shiga, a buɗe shafin ɗalibi ɗaya ko biyu, a buga rasit.

Sannan akwai ɓarnar da kwafi yake ɗauka da aminci. In wani ya goge rabin jadawalin sakamako ranar Laraba ba a lura ba, kwafin daren Laraba zai dace da asali layi da layi, domin dukansu sun rasa abu ɗaya. Maganinta shi ne a riƙa ajiye lambobin kowane gwaji a takarda ɗaya. Jadawalin da yake 96,410 wancan mako ya koma 51,000 wannan mako yana buƙatar bayani, ko da saba biyun sun yarda da juna. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a barin kwafin yau ya danne na jiya, a riƙa ajiye na makonni da watannin baya, kuma wani lokaci a ɗauki tsoho a gwada.

Agogon da aka duba a farko shi ma sakamako ne. In maidowa ta ci minti 40, mai makaranta ya san tsawon lokacin da ofishin kuɗi zai tsaya ranar da abu ya faru. In ta ci awa tara, to gara ya sani tun yanzu ya yanke shawarar ko zai iya jure hakan a makon biyan kuɗin makaranta. Awa 18 na GitLab sun tafi ne galibi wajen kwafo bayanai daga faifai marasa sauri na sabar gwajinsu, abin da gwaji na gaskiya zai iya nuna musu tun kafin ranar.

Sau nawa za a yi? Ya danganta da yawan abin da za a iya jure rasawa. In ana gwadawa sau ɗaya a wata, kwafi zai iya lalacewa kwana 30 ba a sani ba. Ga ƙaramar makaranta ko kanti, wata-wata da hannu abu ne mai yiwuwa, tare da ƙarin gwaji duk lokacin da aka sabunta manhajar rumbu, ko aka canza saba, ko aka ƙara sabon sashe, domin a irin waɗannan lokuta ne kwafi ya fi mutuwa. Inda akwai ma'aikacin kwamfuta na dindindin, ana iya sa na'ura ta riƙa yin duka aikin kowane dare. In an yi haka, a sa ta aiko da saƙo ranar nasara ma, ba ranar gazawa kaɗai ba, ta yadda shiru zai zama alamar matsala. Kuma a rubuta sunan mutum ɗaya da alhakin duba saƙon yake kansa.

Sauran abu biyu game da sabar gwajin kanta. Kafin a kunna manhaja a kanta, a toshe mata hanyar aika saƙon waya da imel da hanyar banki, domin kwafin yana ɗauke da lambobin iyaye na gaskiya, kuma manhajar ba ta san gwaji ake yi ba. Tana iya tashi ta aika wa iyaye dubu tunin bashin da suka riga suka biya. Bayan an gama kuma a share rumbun gwajin da fayil ɗin da aka kawo. Sunayen yara ne da adireshinsu da lambobin iyayensu a ciki, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ba ta sauke wa mai riƙe da su nauyi don kawai suna kan tsohuwar kwamfuta a lungun ofis ba. Umarnin sharewar shi ne `dropdb gwaji`, kuma kafin a danna shi a buga `hostname` a tabbatar da sunan sabar da ake kai.